Darasi na Tara: Yadda Ake Tsayar da Kuɗin da Manhaja Ke Cira Duk Wata

Wata Hajiya a ajinmu na yamma, mai sayar da atamfa a Kejetia, ta miƙo mini wayarta ranta a ɓace. Banki ya aiko mata da saƙo an cire sidi 60, wata na uku ke nan a jere. Ta ce, "Malam, ai na goge abin tun tuni." Jikanta ne ya saukar mata da manhajar gyaran hoto daga Play Store, aka ba su kwana 7 kyauta, suka sa katin banki. Da kwanakin suka cika, sai cira ta fara.

Ku saurara da kyau. Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da biya. Kamar mai haya ne a Aboabo ya kulle ɗaki ya tafi bai sallami mai gida ba: wata na ƙarewa za a nemi kuɗinsa. Kuma shiga shafin kamfanin da ya yi manhajar ba zai fisshe ku ba, domin ba a hannunsu kuka ƙulla cinikin ba. A Play Store kuka saya, can za ku warware.

Yanzu kowa ya ɗauki wayarsa, kada a ji kunya, a hankali za mu bi.

Ku buɗe Play Store. Ku dubi sama ta hannun dama, akwai ɗan da'ira mai hotonku ko harafin farko na sunanku. Ku taɓa shi. Adireshin Gmail zai fito, ku karanta shi. Shi ne wanda aka yi sayayyar da shi? A wayar Hajiya adireshi biyu ne, nata da na jikanta. Mun duba nata ba mu ga komai ba, har ta fara murna, ashe cinikin yana ƙarƙashin na yaron. In kun ga wayam alhali banki na cira, ku sauya adireshi ku sake dubawa.

Daga nan ku taɓa Payments & subscriptions, sannan Subscriptions. Sunan manhajar zai bayyana da kuɗinta da ranar da za a sake cira. Ku taɓa sunan, ku gangara ƙasa, ku taɓa Cancel subscription.

To, a nan ne yawancinku ke faɗuwa. Taɓawa ɗaya ba ta isa ba. Wayar za ta tambaye ku dalili, ku zaɓi kowane, ku ci gaba. Sai ta sake nuna muku maɓallin sokewa, ku sake taɓawa. Sau biyu ke nan. Wanda ya taɓa na farko ya mayar da waya aljihu bai soke komai ba, wata mai zuwa za a cire masa kuɗi. Na sake faɗa, kada ku fita sai kun taɓa na ƙarshen. In an nuna muku Pause, wannan hutu ne na ɗan lokaci, biyan zai dawo da kansa. Makon jiya mutum huɗu suka rantse mini sun soke, na duba, duka a tambayar dalili suka tsaya. Haba jama'a! Kuɗin da kuka yi wa gumi a rana ne fa, ku ba shi minti ɗaya. Ku karanta abin da ke gabanku kafin yatsa ya sauka, don haka muke zaman wannan aji.

Ta yaya za ku san ya yi? Ku koma Subscriptions, za ku ga an rubuta Canceled da ranar ƙarewa, kuma saƙo zai shigo Gmail ɗinku. In ba ku ga haka ba, ku koma ku taɓa na biyun.

An cire wa Hajiya ranar 5 ga Maris, muka soke ranar 12. Manhajar za ta yi mata aiki har kwanakin da ta biya su cika a farkon Afrilu, daga nan ba sauran cira. Sokewa ba ta dawo da sidi 180 da suka tafi ba, neman a mayar da kuɗi hanya ce daban.

Masu iPhone, ku shiga Settings, ku taɓa sunanku a sama, sai Subscriptions, sai manhajar, sai Cancel Subscription, ku tabbatar. In gwajin kyauta ne, ku soke aƙalla awa 24 kafin ya ƙare.

Aikin gida: kowa ya buɗe Subscriptions, ya kwafe abin da ya gani a littafinsa, ya zo da shi ranar Asabar.