Tambolar Sallah: Kurakuran da Ke Jawo wa Mai Shago Rigima

Da azumi ya raba tsakiya, shagunan shadda da atamfa a Maradi sukan rataya kyalle: "Saya ka ci moto!" Yawancin rigimar da ke biyo baya daga wannan layi ɗaya take fitowa, domin shi kaɗai aka rubuta, sauran sharuɗɗan suna cikin kan mai shago.

Kuskure mafi nauyi shi ne sayar da tikitin kansa. Inda mutum ya zuba kuɗi don sa'a kawai, ko ya ci ko kuɗinsa ya tafi, wannan caca ce, ko da dala ashirin ce. A Nijar harkar wasannin sa'a tana hannun LONANI, kamfanin caca na gwamnati, ɗan kasuwa bai da hurumin buɗe tasa. Haka kuma in ka ɗora jika ɗaya a kan kuɗin turmi saboda tambola, ka sayar da tikitin ke nan ta bayan gida. Malamai da dama ma nan suke ja layi: kada a ƙara farashi, kuma mai saye ya zama kayan yake bukata. Gyaran shi ne tikiti ya zama kyauta bisa ciniki, farashi ya tsaya yadda yake, a rubuta hakan ƙarara. Kafin a buga tikiti ko ɗaya, a kai takardar sharuɗɗan wa hukuma a nemi izini a rubuce, a kuma ajiye kwafi wurin wisiye, ma'aikacin shari'ar nan da ke sheda abu da hatiminsa, a gayyato shi ranar ƙuri'a.

Sai maganar rana. "Za a rufe ranar Sallah" ba kwanan wata ba ne, tunda ganin wata ake jira, kuma an sha yin Sallah a Maradi yau, Katsina sai gobe. Mai saye daga Jibiya zai zo da tasa ranar, kuma bai yi ƙarya ba. A sa rana da wata na boko da ƙarfe nawa za a rufe, sa'an nan ranar ƙuri'a da wurin da za a yi ta.

A ce Alhaji mai shago ya sa moto, keken ɗinki da buhun shinkafa. Kyallensa ya ce duk wanda ya yi ciniki na jika goma yana da tikiti. Hajiya daga Tibiri ta aiko telanta ya sayo shadda ta 27,000. Tikiti nawa ke nan? Tela ya ce uku, yaron shago ya ba shi biyu. Lamba ta fito, kuma sunan tela ne a gindin tikitin da ya rage a shago, kuɗin kuwa na Hajiya. Kowa da hujjarsa, Alhaji ba shi da takardar da zai nuna. Ga abin da ya kamata a ce yana manne a bakin ƙofa tun ranar farko:

"Kowane cikakken 10,000 CFA a rasit ɗaya, tikiti ɗaya, abin da ya yi saura ba a haɗa shi da wani rasit. Kyauta ta wanda sunansa ke rubuce a gindin tikiti ce, zai zo da rabinsa da katin ɗan ƙasa."

Da wannan, 27,000 tikiti biyu ne, kuma yaron shago ya san dole ya tambaya: "Malam, sunan wa zan rubuta?" A ƙara da cewa ma'aikatan shago da iyalan gidan mai shago ba sa shiga. Ko da gaskiya ƙanen Alhaji ya ci, ba wanda zai yarda.

Kyautar ma a bayyana ta sosai. Moto wace iri, sabuwa ce, wa zai biya kuɗin takardu da lamba? Shinkafar kilo 25 ce ko 50? Ana iya karɓar kuɗi a maimakonta? Wanda ya ci keken ɗinki, sauran tikitinsa na nan cikin neman moto? Ni dai na fi son a ce mutum ɗaya kyauta ɗaya, a fara ciro babbar.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne wanda ya ci bai zo ba. A ba shi wa'adi, misali kwana 15, a kuma ciro lambobin jiran gado biyu ga kowace kyauta a zama ɗaya, gaban jama'a da wisiye. A rubuta lambar wayar da shago zai kira da ita, da cewa ba a biyan ko dala don karɓar kyauta, saboda 'yan damfara kan bi bayan irin wannan sanarwa. Lambobin wayar da aka tara kuwa na ƙuri'a ne kawai. Nijar na da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai kula da ita, don haka kada a zuba mutane cikin gurup na talla ko a yaɗa hoton wanda ya ci sai da amincewarsa.