Kada a binne caja ƙarƙashin matashin kai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu jona waya da dare su cusa ta ƙarƙashin matashin kai, ko su lulluɓe caja da zane don haskenta kada ya dame su, a daina.

Aikin caja shi ne ta rage wutar soket mai bolt 230 zuwa kamar bolt 5 da waya ke sha, kuma tana wannan aiki ne tana fitar da zafi. Ba ta da fanka, iskar ɗaki ce kawai ke sanyaya ta. Idan aka rufe ta, zafin ba shi da mafita. Ku tuna watan Afrilu a Sakkwato, zafi kan wuce digiri 40, ɗaki ma bai gama hucewa ba har tsakar dare. Ga katifar soso da gidan sauro, wuta ba ta wahalar kama su.

Abin da ya fi damuna, sau da yawa an jona ne babu wuta. Can cikin dare a kawo ta, wani lokaci da ƙarfi, kowa yana barci.

A ɗora waya da caja kan daɓen siminti ko tebur, nesa da shimfiɗa, a cire rigar wayar. Bayan minti 20 a taɓa kan cajar. Ɗumi ba komai, amma in hannu ya kasa daɗewa a kai, ko ana jin ƙaurin roba, ko tana ƙara, a kashe soket a canza ta. Wayar da bayanta ya kumbura kuwa, kada a ƙara jona ta, a kai wa mai gyara.