Kurakuran da ƙananan makarantu ke yi wajen sarin kayan rubutu

Idan hutu ya kusa ƙarewa, mai ƙaramar makaranta yakan kira 'yan sari biyu ko uku ya tambaya, "Nawa ne dozin na littafin rubutu?" Wanda ya faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta shi ke samun cinikin. Daga nan asara take farawa, domin an tambayi farashi ba a faɗi irin kayan ba.

Ɗauki makaranta mai ɗalibai 120, kowane yaro na buƙatar littafi 8 a zango. Littafi 960 ke nan, wato dozin 80. Ɗan sari na farko ya ce yana da "mai 60". Na biyu ma ya ce "mai 60" ne nasa, kuma ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Sai kaya sun iso a gane cewa na farko falle 60 yake nufi, na biyu kuwa shafi 60, alhali kowane falle shafi biyu ne, gaba da baya. Littafin mai arahar falle 30 kawai ke cikinsa. An biya kashi uku cikin huɗu na kuɗi an karɓi rabin takarda, ma'ana kowane falle ya fi tsada da rabin kuɗinsa. Kafin tsakiyar zango yara sun cike littattafan, a koma saye ɗai-ɗai da tsada.

Maganin wannan takarda ɗaya ce. Ka rubuta abin da kake so dalla-dalla: yawan falle, girman littafi, irin layi, kaurin takarda da na bango. Ita za ka tura wa kowane ɗan sari, shi ma ya ba ka farashinsa a rubuce, har da kuɗin kawo kaya. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye ya ƙi rubutawa, ya rage maka aiki, cire shi.

Kaurin takarda shi ne abin da aka fi mantawa. A jikin kunshin takarda za ka ga an rubuta 70 gsm ko 80 gsm, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar a giram. Ba sai ka yarda da rubutun ba, sikeli zai gaya maka gaskiya. Rim ɗaya falle 500 ne, kuma rim na A4 mai 80 gsm yana kai kilo 2.5, mai 70 gsm kuwa kusan kilo 2.2. In an sayar maka da mai 80 ka auna ka ga bai fi 2.2 ba, to ko takardar ba ta kai kaurin da aka ce ba, ko an zare wasu falle. A littafin rubutu gwajin ya fi sauƙi: ka yi rubutu da biro ka juya fallen. In tawada ta ɓullo ta baya, yaro ba zai iya amfani da wancan shafin ba.

Wani kuskuren shi ne a ga samfur mai kyau a saki jiki. Samfur ai zaɓaɓɓe ne. Ka karɓi guda biyu, ku sa hannu a kansu kai da mai kaya, kowa ya riƙe ɗaya. Ranar da kaya suka iso, tun mota ba ta tafi ba, a buɗe kwali uku ko huɗu, kada a tsaya kan na sama, a ciro daga tsakiya da ƙasa. Ƙirga falle ba wuya: buɗe littafin daidai tsakiya inda ƙarfen ɗinki yake, ƙirga ɓangare ɗaya ka ninka. A ƙirga dozin ɗin ma, don kunshi mai guda 11 ba baƙon abu ba ne.

Sai batun biya. Kada ka zube wa wanda ba ku taɓa ciniki ba kuɗi gaba ɗaya. Ka ba da kafin alƙalami, cikon sai an duba kaya, kuma a rubuta a rasit cewa abin da bai dace da samfur ba zai koma. Da sabon ɗan sari ni na fi son a fara da dozin 10, a ga kamun ludayinsa, musamman yadda yake yi in an mayar masa da mai aibu. Ka kuma je ka ga sitonsa da idonka. Wasu masu kiran kansu 'yan sari dillalai ne kawai, sai ka biya sannan su fita neman kayan.

In dozin 80 bai kai adadin da babban dila ke sayarwa ba, ku haɗa oda da wata makaranta ko biyu. Wannan ya fi a sayi na shekara guda don kwaɗayin ragi, domin makar allo takan bushe a ajiye, takarda kuma in ta daɗe a ƙasa danshi da gara ba sa barin ta.