Darasi: Auna Ainihin Zafin Obin da Gano Inda Wuta Ta Fi Ƙarfi

Na taɓa yin kek ɗin suna, na murɗa obin zuwa 180 kamar yadda aka koya mini. Ko minti 25 bai yi ba na ji ƙauri. Da na buɗe, bayansa ya yi baƙi, tsakiyarsa ya tsage, na soka tsinke ya fito da ɗanyen ƙulli. Na daɗe ina zargin fulawa da ƙwai, ashe obin ɗin ne yake wuce lambar da na sa masa. Lambar jikin abin murɗawa zafin da kika nema ne. Zafin da ke ciki kuwa sai kin auna za ki san shi.

Abin da za ki nema shi ne ma'aunin zafi na obin, wani ɗan ƙarfe mai fuska kamar agogo, ana samunsa a wajen masu sayar da kayan kek. Kada ki kuskura ki sa na auna zazzaɓi, lalacewa zai yi. Ki duba fuskarsa da kyau, domin yawanci layin lambobi biyu ne, ɗaya da C, ɗaya da F. Mu da C za mu yi aiki. 180 a C shi ne kusan 350 a F, a obin ɗin gas mai ƙananan lambobi kuma shi ne lamba 4.

Ki sa raga a matakin tsakiya, ki ajiye ma'aunin a tsakiyarta, daidai inda kek yake zama, kada ya taɓa bango. Ki rufe, ki murɗa zuwa 180, ki ba shi minti 20 cur. A nan mutane suke gaggawa. Obin ba ya tsayawa a zafi ɗaya: wutarsa takan kama har ya ɗan zarce, ta lafa har ya ɗan sauka, ta sake kamawa. Saboda haka karatu ɗaya ba ya isa. Ki karanta sau uku, minti goma-goma a tsakani, ta cikin gilashin ƙofa. In gilashin ya dushe ki haska da tocila, don buɗe ƙofa yana zubar da zafi.

A ce kin samu 205, sai 190, sai 205. Ki tara su, 600 ke nan. Ki raba gida uku, ya ba ki 200. Wato obin ɗinki ya yi ƙarin digiri 20. Daga yau in an ce 180, ki sa 160, sannan ki sake aunawa ki tabbatar. Ki rubuta a takarda ki manna kusa da obin. In bambancin bai wuce digiri biyar zuwa goma ba, ba abin damuwa ba ne. In kuwa yau ya zarce sosai, gobe ya gaza, ki duba robar bakin ƙofa ko ta saki, ki kira mai gyara. Mai obin ɗin lantarki kada ta yi wannan gwaji ranar da wuta ba ta da ƙarfi, don ba za ta samu gaskiyar lissafi ba.

In ba ki da ma'auni, sukari zai ba ki haske, domin yana narkewa a wajen digiri 186. Ki zafafa obin a 175, ki zuba cokali ɗaya na sukarin shayi a gwangwanin kek, ki sa minti 15. In ya narke, obin yana zarcewa. In bai narke ba, ki maimaita a 195. In nan ma ya ƙi, obin yana gazawa. Wannan gwaji ba ya faɗin digiri nawa ne bambancin. Kuma ki kiyayi narkakken sukari, ƙunarsa mai tsanani ce.

Saura gano inda wuta ta fi. Ki sayi farin burodi mai yanka-yanka, ki jera yanka shida ko tara a kan ragar tsakiya har su cika ta. Ki gasa a 180 kamar minti takwas zuwa goma, ba juyawa. Ki fito da ragar gaba ɗaya, kada ki taɓa jerin, ki duba sama da ƙasan kowane yanka. Inda ya yi duhu, nan wuta ta taru. Inda ya tsaya fari, nan ne sanyi. Sau da yawa can ciki ne ya fi zafi, bakin ƙofa ya fi sanyi. A nawa, kusurwar hagu ta ciki ce ta ƙone ƙurmus, na gaba ko ja bai yi ba.

Tunda kin san wurin, ki riƙa juya faranti, gaba ya koma baya, bayan gashi ya ci kashi biyu cikin uku na lokacinsa. In kin buɗe wa kek tun bai tashi ya kama jikinsa ba, zai lotsa. In ƙasan burodin ne ya ƙone, kamar yadda obin ɗin gas yakan yi saboda wutarsa a ƙasa take, ki ɗaga ragar mataki ɗaya, ki sa farantin da ba komai a matakin da ke ƙarƙashinta, amma kada ki shimfiɗa shi a gindin obin ya toshe ramukan da zafi yake fitowa.