Yadin hunturu: ku gwada zare kafin ku biya

Jama'a in za ku yanki yadin ɗinki a wannan lokaci na hunturu, ku nemi auduga mai matsakaicin kauri, ku bar mai roba komai sheƙinsa.

Dalili kuwa, da asuba sanyi, da azahar rana ta buɗe, ita auduga tana shan zufa iska na ratsa ta, roba kuwa da rana sai ta dafa ka kamar ɗanwake, ga mannewa a jiki tana ƙas-ƙas saboda bushewar iska.

Yadda za ka gane, ko a Kwari ko a kasuwar ƙauye, ka ce mai kaya ya zare maka zare daga bakin yadin ka sa ashana. Auduga warin takarda take yi, tokarta ta murmushe a yatsa. Roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Sannan ka jiƙa yadin ya bushe kafin ka kai wa tela, don auduga na tsukewa, ni na taɓa asarar kaftani a haka, hannun ya koma kamar na ƙanena. Ka ce wa telan ya ɗan sake maka jiki yadda ƙaramar suwaita za ta shiga ciki, hantsi ya yi ka cire.

Amma fa gwajin bai cika aiki a yadin da aka gauraya ba, zai ba ka toka da ɗan dunƙule tare. Kuma in kana sammako a babur, auduga kaɗai ba za ta tare iskar nan ba, sai ka ɗora jaket.