Kurakuran da aka fi yi wajen neman ƙarin albashi bayan an yi maka tayin aiki

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne amsawa a waya. An kira ka, an ce ka yi nasara a intabiyu ga albashi kaza, murna ta ɗebe ka ka ce "na amince", to wallahi daga nan ciniki ya ƙare, in ka dawo gobe kana neman ƙari sai a ga kamar mai magana biyu ne kai. Abin da za ka ce kawai: na gode ƙwarai, a turo min takardar tayin in duba, zan ba da amsa nan da kwana biyu ko uku. Lokacin da maganarka ta fi nauyi shi ne tsakanin zuwan takardar da sa hannunka, sun zaɓe ka amma ba su same ka ba tukuna.

Sai kuma lissafi. Mutane da yawa suna kwatanta adadin da ke jikin takarda da abin da ke shigo musu asusu a tsohon wurin aiki, alhali na takardar sau da yawa ba a cire haraji da kuɗin fansho ba. Mu ɗauki misali, kuɗin ko na wace ƙasa ne. Wata akanta aka yi mata tayin 500,000 a wata, a inda take yanzu 400,000 ke shigo mata hannu, ga alawus na sufuri 20,000 daban. Ta tambayi nawa zai rage bayan cire-cire, aka ce 415,000, kuma babu alawus. Ka ga tayin da take ganin ƙarin 100,000 ne ashe ragin 5,000 ne. Don haka ka fara tambaya kafin ka buɗe baki da wani adadi.

Inda aka fi ɓata imel ɗin neman ƙarin shi ne hujja. Za ka ga mutum ya cika shi da kuɗin haya ya tashi, yara na makaranta, rayuwa ta yi tsada. Duk gaskiya ne, ban raina ba, amma wanda zai karanta sai ya kai maganar gaban manaja, kuma ba zai iya kare ƙari da matsalar gidanka ba, kowa a kamfanin yana da tasa. Abin da zai iya karewa shi ne farashin aikin a kasuwa da abin da ka taɓa yi wanda ake iya ƙirgawa. Kuma ka faɗi adadi guda ɗaya. In ka ce "tsakanin 540,000 zuwa 580,000", na ƙasan za su ji, in kuma ka ce "a ɗan ƙara min wani abu" to ɗan wani abun za a ƙara.

Ga yadda akantar nan za ta rubuta:

"Ranki ya daɗe, na gode da wannan tayi, kuma ina son aikin sosai. Ina roƙon a sake duba albashin zuwa 570,000. Na haɗo tallace-tallace biyu na irin wannan matsayi da ke nuna 550,000 zuwa 600,000. A wurin aikina na yanzu na rage rufe lissafin ƙarshen wata daga kwana 10 zuwa 6, sannan a intabiyu an ce zan kula da ma'aikata uku, wanda babu shi a tallan aikin. In aka daidaita wannan, a shirye nake in sa hannu cikin makon nan."

Jimlar ƙarshen nan tana da amfani, ta nuna musu cewa in sun ƙara magana ta ƙare, ba za ta dawo da wata sabuwar buƙata ba. Shi ya sa duk abin da kake so ka haɗa shi a saƙo ɗaya.

Kar ka ƙirƙiro tayin ƙarya wai wani kamfani ya ba ka fiye da haka. Za su iya cewa to Allah ya sa alheri, ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Yanzu a ce sun dawo sun ce 540,000 ne ƙarshen abin da matakin yake ɗauka. Nan wasu ke fushi ko su yi shiru su karɓa. Ita akantar nan sai ta koma kan abin da ba albashi ba, a ba ta alawus ɗin sufuri, ko a sake duba albashin bayan wata shida in ta gama lokacin gwaji, wasu ma kwanakin hutu ko aiki daga gida suke nema. Amma fa "za mu duba nan gaba" ta baki ba komai ba ce, manajan da ya faɗa zai iya barin wurin kafin wata shidan. Ta nemi a sabunta takardar, sabon adadin da watan da za a yi bitar su fito a rubuce, ta sa hannu su ma su sa, sannan ta kai takardar ajiye aiki a tsohon wurinta.