Yadda ake kwatanta takin zamani da irin shuka ta hanyar karanta abin da ke jikin buhu

Manomin da zai noma rabin hekta na masara ya kamata ya fara da lambobi ukun da ke jikin buhun taki kafin ya dubi sunan kamfani, domin lambobin ne suke faɗin abin da zai biya kuɗi a kansa. Ta farko tana nuna nitrojin mai sa ganye ya yi kore, ta biyu fosfat mai ƙarfafa saiwa, ta uku kuma fotash mai taimaka wa kara da cikar ƙwaya, kowacce a matsayin kaso cikin ɗari na nauyin buhun.

Buhun kamfa, wato takin da ya haɗa sinadaran nan uku, mai kilo 50 da aka rubuta wa 15-15-15 yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na kowane sinadari. Mai 20-10-10 kuwa yana da kilo 10 na nitrojin, da kilo biyar-biyar na sauran biyun, ita kuma yuriya mai kaso 46 tana ba da kilo 23 na nitrojin kaɗai. Ma'aunin da malaman gona suka saba bayarwa ga masara a yankunan Zariya da Funtuwa shi ne kilo 120 na nitrojin, 60 na fosfat da 60 na fotash a hekta guda, wato rabin hekta yana buƙatar 60, 30 da 30. Idan ka zaɓi 15-15-15, buhu huɗu za su cika fosfat da fotash, sannan ka cike gibin nitrojin da buhu ɗaya da sulusi na yuriya bayan masara ta yi kamar mako biyar. Idan kuma 20-10-10 ka ɗauka, sai ka sayi buhu shida. Saboda haka farashin da za ka kwatanta shi ne na buhu shida a gefe guda da na buhu huɗu haɗe da yuriyar a ɗaya gefen, kuma sau da yawa buhun da ya fi arha a bakin shago shi ne yake fin tsada a gona.

Bayan lissafi sai a duba buhun kansa. Ya kasance akwai sunan mai sarrafa takin da adireshinsa, da lambar rukuni, da nauyi, kuma ɗinkin bakin bai nuna alamar an farke an sake ba. A Nijeriya dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta wajabta wa masu sarrafawa da masu sayarwa yin rajista, don haka ba rashin kunya ba ne ka nemi dila ya nuna maka takardarsa. Ka sa a ɗora buhun a sikeli. Yuriya ta gaskiya tana narkewa a ruwa har kofin ya yi sanyi a hannu, kuma yashi a ƙasan kofin shaidar algus ne. Amma kada a yi wa kamfa wannan hukunci, domin a kan cike nauyinta da garin dutse wanda ba ya narkewa ko da takin nagari ne.

A ɓangaren iri, abin nema shi ne takardar shaida ta hukumar kula da irin shuka ta ƙasa, NASC. Shuɗiyar takarda ita ce ta irin da aka tantance don manoma, kuma a kanta za ka ga sunan irin, da lambar rukuni, da kason tsirowa, da ranar gwaji. Ledoji da yawa suna ɗauke da tambarin SEEDCODEX, wanda ake kankarewa a tura lambar da ta fito ta saƙon waya, a sami amsa ko irin na gaskiya ne. Jan launi ko kore a jikin ƙwaya ba shaida ba ne, don wanda ya auno masara a kasuwa ma yana iya rina ta.

Ka kuma lura ko irin mai aure ne, wato wanda aka samar ta hanyar barbarar nau'o'in masara daban-daban, ko kuwa wanda ake iya ajiyewa. SAMMAZ 15 ta cibiyar bincike ta Samaru tana jure wuta-wuta, kuma ana iya ɗebe iri daga amfaninta na 'yan shekaru, amma mai aure sai an sayi sabo duk damina, ga shi yana son taki sosai, saboda haka a ganina wanda ba zai iya cika ma'aunin da aka ambata ba gara ya haƙura da shi.

Kafin shuka da kwana goma, ƙirga ƙwaya 100 ka jera su a jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kana yayyafa ruwa kullum. Bayan mako guda ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan takarda ta ce 90 amma ka sami 70, ka mayar da ledar tare da rasidinka, wanda ya kamata tun ranar saye ka sa dila ya rubuta lambar rukuni a kansa.